Yadda Ake Ɗaukar Hoton Man Shafawa Har Ido Ya Ji Laushinsa

Hoton man shafawa yana da wani nauyi a kansa da hoton yawancin kaya ba shi da shi. Mai sayen takalmi ko atamfa ido yake fara tambaya, amma mai sayen man shafawa fata da hanci yake tambaya: ya lakato kaɗan, ya murza a bayan hannu, ya sunsuna. A allon waya ko a shafin mujalla babu taɓawa, babu ƙamshi. Saboda haka dole hoton ya isar da abu uku ta hanyar ido kaɗai: kaurin man da laushinsa, irin mazubin da yake ciki, da kuma jin cewa kayan mai tsabta ne, mai daraja. Dukkan ukun kuwa sun fi dogara ga yadda aka sarrafa haske da inuwa fiye da tsadar kyamara.

Abin da ido yake karantawa a jikin man

Yawancin man shafawa haɗin ruwa ne da mai, wanda aka sa wa sinadarin da ke hana su rabuwa. Ɗayan yakan warwatse cikin ɗayan a matsayin ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya iya gani, kuma waɗannan ɗigogi ne suke watsa haske ta kowace fuska, shi ya sa man yake fitowa fari ko da ruwan da man da aka haɗa ba farare ba ne. Kamfanin Beiersdorf na Hamburg ya fito da man Nivea a shekarar 1911 bisa irin wannan haɗi, kuma farin man na daga cikin abin da ya fara jan hankalin masu saye. Man kaɗanya da aka buga har ya yi kumfa shi ma yana ƙara haske, sai dai nasa farin daga ƙananan kumfar iskar da bugun ya cusa masa yake zuwa.

Matsalar mai hoto daga nan take farawa. Abu fari mai santsi ba shi da zane ko launin da ido zai kama. Idan haske ya faɗo masa kai tsaye daga inda kyamara take, kamar yadda fitilar waya take yi, sai ya fito farin fili kawai, ba tudu ba kwari, ba a iya bambance kirim mai kauri da fenti. Abin da ke nuna kauri shi ne 'yar inuwar da kowane tudu yake jefawa a gefensa. Manomi ya san wannan a gonarsa: da hantsi, lokacin da rana take ƙasa, kowace kunya tana fitowa raɗau da inuwarta, amma da rana ta take tsaka sai gonar ta zama kamar shimfiɗa. Don haka ƙa'idar farko a wannan sana'a ita ce hasken ya zo daga gefe ko daga baya-baya, kuma ya zo a kwance, yana shafar saman man.

Daga waɗannan inuwoyi ido yake gane nau'in man. Loshan mai ruwa-ruwa yana bajewa, bakinsa ya kwanta, samansa ya yi sheƙi mai faɗi. Kirim mai matsakaicin kauri yana riƙe sawun cokalin da aka ja a kansa, amma gefunan sawun sukan ɗan lanƙwashe. Man kaɗanya da aka buga kuwa yana tsayawa da tsini, samansa ba ya sheƙi sosai, kuma idan aka matso ana ganin 'yan ramukan iska. Mai hoton da ya san aikinsa yakan fara tambayar wane ne daga cikin ukun nan yake gabansa, domin kowanne da irin shafar da ta dace da shi.

Mazubi da abin da yake faɗa

Kwalba mai faɗin baki ta man da ba ya zuba ce, wanda sai an sa yatsa ko ƙaramin cokali. Girman da aka fi yi wa man fuska shi ne mililita 50. Da yawa daga cikin waɗanda suke kama da gilashi mai kauri roba ce mai bango biyu: ƙoƙon ciki siriri ne, shi ke riƙe man, na waje kuma garau ne mai kauri, shi ke ba da nauyi da ƙyalli. Wannan kaurin gindi yana kama haske da kyau a hoto, amma yana sa kwalbar ta fi abin da ke cikinta girma nesa ba kusa ba, shi ya sa ya kamata adadin mililita ya fito a karantu a hoton.

Kwalba mai famfo tana aiki ne da 'yan abubuwa kaɗan: siririn bututu da ya sauka har gindi, 'yar ƙwallo da ke toshe hanya don kada man ya koma ƙasa, da lanƙwasasshiyar wayar da ke mayar da kan famfon sama bayan an danna. Idan aka danna, man da ke cikin ɗan ɗakin famfon ya fita ta baki. Idan aka saki, sai wani ya hau ta bututun ya cike gurbin. Famfon loshan na jiki yakan fitar da kimanin mililita 2 a dannawa ɗaya, na man fuska kuma bai kai haka ba ko kusa. Akwai wani nau'in da ba shi da bututu sam, wanda faifai ne a gindinsa yake hawowa a hankali yana tura man sama, ba tare da iska ta shiga ba. Ana gane shi da ɗan ƙaramin rami a ƙasan kwalbar, kuma an fi sa masa man da iska ke lalata wa sinadari.

Sanin wannan yana da amfani ga mai hoto da mai kallo baki ɗaya, domin famfo ba ya iya jan abu mai kauri sosai. Duk hoton da ya nuna curin mai mai tsini a tsaye ƙarƙashin bakin famfo, to da wuya a ce daga kwalbar ya fito; da cokali aka gina shi, wataƙila ma da wani man daban. Mai sayen da ya yi oda saboda wannan kaurin, idan kaya ya iso ya danna ya ga abu yana malala, ba zai sake dawowa ba.

Daga ina jin tsabta da alfarma yake zuwa

Salon kwalba ɗaya tilo a farin fili yana da tarihi. Kwalbar turaren Chanel No. 5 da ta fito a 1921 ta bar adon furanni da lanƙwashe-lanƙwashen zamaninta, ta tsaya a kan siffa mai kusurwa da ɗan farin tambari. A 1968 kamfanin Estée Lauder ya ƙaddamar da kayan Clinique, kuma mai ɗaukar hoto Irving Penn ya shafe shekaru masu yawa yana ɗaukar musu hotunan talla da babu komai a ciki sai kayan a farin bango, da kyakkyawan haske. Mafi yawan hotunan man shafawa da ake gani yau a kafafen sada zumunta jikokin wannan salo ne, ko masu yin su sun sani ko ba su sani ba.

Abin da ke sa salon ya yi aiki ba shi da wani sirri. Fili mara komai a kewayen kwalba yana nuna cewa mai kayan bai damu da cike kowane lungu ba, ido kuma yana samun wuri ɗaya da zai sauka. Launi biyu ko uku sun isa, kuma ya fi kyau su kasance 'yan gida ɗaya, kamar fari da ruwan madara da ɗan ruwan zinare a murfi. Gilashi mai dishi-dishi, wanda aka kashe wa ƙyalli, yana mayar da haske a tausashe, shi ya sa yake kama da abu mai tsada ko da ba shi da ita. Kayan ado kuwa ɗaya ya wadatar, kuma ya kasance yana da alaƙa ta gaskiya da abin da ke cikin kwalbar. 'Ya'yan kaɗanya biyu kusa da man kaɗanya suna da ma'ana. Furen roba da duwatsu masu walƙiya da yadin leshi a hoto guda ba abin da suke ƙarawa sai hayaniya, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a hotunan ƙananan masu sana'a.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki mai sana'a a Kano da ke haɗa kaya biyu: bugaggen man kaɗanya a kwalbar gilashi mai dishi-dishi ta mililita 50, da loshan a farar roba mai famfo ta mililita 250. Abin da take da shi waya ce, da taga, da tebur.

Aikin yana farawa da lokaci. Man kaɗanya yana fara sakin jiki tun zafi bai kai na jikin mutum ba, a Kano kuwa watan Afrilu yakan haura digiri 40 da rana. Don haka da sassafe ake ɗaukar hoton. Idan man ya yi laushi da yawa, minti goma zuwa sha biyar a firji ya isa ya dawo da shi. Idan ya daɗe fiye da haka, da an fito da kwalbar sai raɓa ta lulluɓe gilashin, takardar jikinta ta jiƙe, a koma jiran ta bushe. Akwai kuma abin dubawa tun kafin a kai ga kyamara: man kaɗanyar da ya narke ya sake daskarewa a hankali yakan yi tsaki-tsaki, domin wani sashe na kitsensa yana riga wani daskarewa. Hasken gefe da ke fito da laushi shi ne kuma zai fito da wannan tsakin ƙuru-ƙuru. Maganinsa a sake narkar da man gaba ɗaya, a sanyaya shi da sauri, a sake bugawa. Gogewa a kwamfuta ba ta gyara abin da mai saye zai ji a fatarsa.

Sai tsabta. Ana goge kwalbar da ƙyalle mai laushi mara gashi, daga nan kuma ba a sake taɓa ta sai da safar hannu ko ta gindi, domin sawun yatsa a gilashi yana fitowa fili a hoto ko da ido bai gan shi ba. A lokacin hunturu ƙura takan sauka a saman buɗaɗɗen man cikin 'yan mintoci, kuma ba ta ciruwa ba tare da an ɓata saman ba. Saboda haka ana shirya komai da murfi a rufe, buɗewa ce ta ƙarshe.

Ana ajiye teburin kusa da tagar da rana ba ta bugawa kai tsaye. Idan tana bugawa, farin yadi mara kauri a jikin tagar zai tausasa ta. A kashe fitilar ɗaki, domin hasken ƙwai da na taga launinsu ba ɗaya ba ne, kuma idan suka haɗu sai gefe ɗaya na man ya yi rawaya, ɗayan ya yi shuɗi. Farin kwali babba ake shimfiɗawa, a lanƙwasa bayansa ya hau bango ba tare da an karya shi ba, don kada layi ya raba hoton. Wurin zaman tagar shi ne mafi muhimmanci. Idan aka ɗauka kwalbar tana tsakiyar fuskar agogo, kyamara tana kan ƙarfe shida, to tagar ta kasance wajen ƙarfe goma. A ɗaya gefen, wajen ƙarfe uku ko huɗu, ana tsayar da wani farin kwali kimanin santimita 30 daga kwalbar don ya mayar da ɗan haske cikin inuwa. Wannan kwalin shi ne ma'aunin aikin duka: idan ya matso sosai inuwar ta mutu, man ya koma farin fili, idan ya yi nisa inuwar ta yi duhu, man ya yi kama da abu busasshe. Ana matsar da shi kaɗan-kaɗan ana duba allo har sai kwarin ya yi toka-toka mai haske.

Yanzu saman man. Ana cika kwalbar ta ɗan haura yadda ake cika ta don sayarwa, a bubbuga gindinta a tebur don manyan kumfar iska su fito. Sai a ɗora bayan ƙaramin cokali a gefen man, a riƙe shi wuri ɗaya, a juya kwalbar da ɗaya hannun zagaye guda, ana jan cokalin zuwa tsakiya, a ɗaga shi a hankali ya bar ɗan tsini. Juyi ɗaya ake so. Duk wanda ya koma gyara sawun sau biyu ko uku, zai ga saman ya dagule, sai dai a shafe a sake daga farko. Bakin kwalbar kuma a goge shi tas da auduga, domin ɗan man da ya maƙale a zaren murfi ya isa ya rushe duk jin tsabtar da ake nema.

Ga hoton shafa, wanda ake nuna man shi kaɗai, cikin ƙaramin cokali ɗaya, wato kimanin mililita 5, ake ɗorawa a kan farin tangaran ko gilashi. A kwantar da wuƙa mara kaifi a kansa, a ja ta sau ɗaya ba tare da tsayawa ba, ana rage dannawa zuwa ƙarshe. Farkon shafar zai yi kauri da tudu a gefe, ƙarshenta ya yi siriri har ana hango abin da ke ƙasa. Wannan bambanci tsakanin farko da ƙarshe shi ne yake gaya wa mai kallo yadda man zai baje a fata.

Kyamara kuma tana da halinta. Idan ta ga fili duk fari sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, hoton ya fito toka-toka kamar mara tsabta. Dole a ƙara hasken da hannu, yawanci zuwa wajen +1. Amma akwai iyaka: a ma'aunin hoto fari tas shi ne 255, kuma duk wurin da ya kai wannan adadi babu sauran zane a cikinsa. Ya kamata mafi hasken wuri a jikin man ya tsaya ƙasa da haka, wajen 240, don sawun cokalin ya rayu. Mai babbar kyamara zai sa ISO 100 da f/11 a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Mai waya kuma ya ja baya ya danna 2x, domin idan ya matso da wayar kusa sai kwalbar ta kumbura ta gaba, gefunanta su karkace.

Robar famfon tana da tata matsalar. Farar roba mai sheƙi a gaban farin kwali gefunanta sukan narke cikin bango, a rasa inda ta ƙare. Maganin baƙin kwali ne siriri guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a wajen abin da kyamara ke gani. Robar za ta ɗauki hotonsu a gefunanta a matsayin siririn layi mai duhu, sai siffarta ta fito. Bakin famfon ana juya shi gefe ko ya ɗan karkato gaba, don a ga siffarsa. Idan ya kalli kyamara kai tsaye sai ya zama ɗan dunƙule mara fasali. In ana son ɗigon loshan a bakinsa, a fara danna famfon sau da yawa har iska ta fita, a goge bakin, sannan wani ya danna rabi a hankali ya janye hannu. Ɗigon ba ya jimawa, don haka ana ɗaukar hotuna da yawa a jere a zaɓi ɗaya.

Tsayin kyamara ya bambanta ga kayan biyu. Robar famfo ta fi kyau idan kyamara tana daidai tsakiyar rubutunta, don ta tsaya miƙe. Kwalba mai faɗin baki kuwa sai an ɗaga kyamara an leƙo cikinta daga sama-sama kafin a ga man. Idan za a haɗa su a hoto guda, ana ɗora robar a baya, a kawo kwalbar gaba, a jingina murfinta a gefe, a ɗaga kyamarar kaɗan kawai. Amma gaskiya hotuna biyu daban sun fi hoto ɗaya da ya raba hankali.

Inda gyara ya kamata ya tsaya

Bayan ɗauka, cire ɗigon ƙura, daidaita farin bango da miƙar da kwalbar da ta ɗan karkace duk halas ne. Wasu kasuwannin intanet ma suna da sharaɗinsu. Amazon, alal misali, yana buƙatar babban hoton kaya ya kasance a kan fari tas, kayan kuma ya cika akalla kashi 85 cikin ɗari na hoton. Abin da bai dace ba shi ne sauya abin da mai saye zai samu. Man kaɗanyar da ba a tace ba launinsa ruwan hauren giwa ne, wani ma ya ɗan yi rawaya, kuma mayar da shi fari fat a hoto yaudara ce, bayan kuwa wannan launin shi ne shaidar da masu neman na asali suke dubawa. Hukumomi ma sun fara sa ido a kan irin wannan: a 2011 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wasu tallace-tallace biyu na kamfanin L'Oréal, na Lancôme da na Maybelline, saboda an gyara fuskokin da ke ciki fiye da abin da aka iya tabbatarwa kayan zai yi.

Ga mai saye, ya kamata ya riƙe cewa duk abin da aka bayyana a nan ana iya yi wa man kirki, ana kuma iya yi wa na banza. Kwalba mai dishi-dishi da murfin zinare ana sayen su fanko, kowa kuma na iya zuba abin da ya ga dama. Kyan hoton gaba yana nuna ƙwarewar mai hoto ne kawai. Kafin a biya kuɗi, a nemi hoton bayan kwalbar, a karanta jerin sinadaran, da lambar rajistar NAFDAC idan a Najeriya ne, da ranar ƙarewar aiki, da 'yar alamar buɗaɗɗiyar kwalba mai rubutu irin 12M, wadda ke nufin man zai yi wata goma sha biyu bayan an buɗe shi. Mai sayarwar da ya amince da kayansa ba zai ƙi tura wannan hoton ba.